Kashi 20 a wata uku ko kashi 80 a shekara huɗu: yadda ake gane wanda ya fi riba

A ce mutum a Gombe yana da naira miliyan ɗaya da ba ya buƙatar taɓawa yanzu, kuma an kawo masa shawara biyu. Ɗaya ta ce ya sayi raguna ya turke su wata uku kafin Babbar Sallah, zai samu ribar kashi 20 cikin 100. Ɗayar ta ce ya sayi fili can gaba da Tumfure ya bar shi shekara huɗu, zai sayar da ribar kashi 80. Wanda ya kalli girman lamba kawai zai ce fili ya ninka raguna sau huɗu. Wanda ya ɗan iya lissafi zai ce a'a, kashi 20 a wata uku ai kashi 80 ne a shekara ɗaya tal, don haka raguna ne suka ninka fili sau huɗu. Dukansu biyu sun yi kuskure, kuma kuskuren na biyun ne ya fi cin kuɗin mutane, domin yana zuwa da kamannin ilimi.

Ma'auni biyu ake amfani da su wajen auna irin wannan. Na farko shi ne jimillar riba a kan jari: abin da ya dawo hannunka, ka cire duk abin da ka kashe, ka raba da abin da ka kashe. Shi ne ake rubutawa ROI a manhajojin zuba jari. Ba ruwansa da lokaci, ko kwana goma kuɗin suka yi a waje ko shekara goma, amsa ɗaya zai ba ka. Na biyu shi ne ribar shekara: a ɗauki waccan riba a tambaya, da tafiyar nan za ta ci gaba da wannan sauri har wata goma sha biyu, nawa za ta kai? Ko kuma, idan harkar ta ɗauki shekaru, nawa ne rabon kowace shekara? Idan ka ga an rubuta p.a. a gaban wata lamba a takardar banki ko ta kamfani, wannan ake nufi.

Farashin da zan kawo a ƙasa na misali ne, kowa ya sa na kasuwarsa a gurbinsu. Hanyar lissafin ce ba ta canzawa.

Mu fara da ragunan, domin a nan ne ake fara ruɗar kai tun kafin a zo maganar lokaci. Mutumin ya shiga kasuwa ya sayi raguna biyar a kan naira 150,000 kowanne, ya kashe 750,000. Ranar jajiberin sallah ya sayar da kowanne 240,000, ya karɓi 1,200,000. Idan ka same shi a majalisa zai ce maka ya ci 450,000 a kan 750,000, wato kashi 60. Amma ka buɗe littafinsa, in yana rubutawa: buhunan dusa, harawa, kowar wake, ƙuliƙulin auduga, kanwa da gishiri, maganin tsutsa da allura, kuɗin motar da ta kawo su da wadda ta mayar da su kasuwar dabbobi ta Tike, la'adar dillali, da ɗan abin da ake ba yaron da ke ba su ruwa. A ce duka sun tashi 250,000. To jarinsa miliyan ɗaya ne cif, ribarsa 200,000, kashi 20 ke nan. Ita dusa ba rana ɗaya ake sayenta ba, mudu-mudu ko buhu-buhu take fita daga aljihu, shi ya sa ake mantawa da ita a lissafi. Duk wanda ya gaya maka kashin ribar wata harka, tambayar farko ita ce: a kan me ka raba?

Filin ma haka ne. A ce an saye shi 900,000, la'ada da takardu da shaidu da kafa dutsen iyaka suka ci 100,000. Bayan shekara huɗu abin da ya rage a hannu, bayan an sallami dillali, 1,800,000 ne. Riba 800,000 a kan miliyan ɗaya, kashi 80.

Yanzu a mayar da su kan sikeli ɗaya. Akwai hanya mai sauƙi da hanya ta daidai. Mai sauƙin ita ce ka raba 80 gida huɗu ka ce kashi 20 a shekara. Ba ta yi nisa da gaskiya sosai ba, amma tana ƙara wa filin daraja, saboda ta manta cewa kuɗin da ke juyawa a kasuwa ribar bara tana shiga cikin jarin bana. Ba maganar kuɗin ruwa ake yi ba a nan, maganar ɗan kasuwa ce da ya ƙi cin ribarsa ya sake saro kaya da ita. Hanyar daidai kuwa ita ce:

```
ribar shekara = (abin da ya dawo / abin da aka zuba)^(12 / yawan watanni) - 1
```

A Excel ko Google Sheets, har na waya, haka za ka rubuta na fili da na raguna:

```
=(1800000/1000000)^(12/48)-1
=(1200000/1000000)^(12/3)-1
```

Na farko zai ba ka 0.158, wato kusan kashi 15.8 a shekara. Kana iya gwada shi da hannu: miliyan ɗaya ta zama kusan 1,158,000 a shekarar farko, 1,342,000 a ta biyu, 1,554,000 a ta uku, 1,800,000 a ta huɗu. Wannan shi ne ainihin saurin filin. Kashi 80 ɗin da ya cika kunne ya koma ƙasa da 16.

Na biyu zai ba ka 1.074, wato kashi 107 a shekara. A nan nake so a tsaya a yi dogon tunani, domin lissafin bai yi ƙarya ba, amma abin da ya ɗauka a matsayin gaskiya ba ya faruwa. Kashi 107 yana nufin mutumin zai sayar da raguna yau, gobe da safe ya sayi wasu da dukan 1,200,000, bayan wata uku ya sake samun kashi 20, ya maimaita haka sau huɗu a jere ba hutun ko kwana ɗaya. Babbar Sallah kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara. Farashin da rago ke yi a kwana goman farko na Zulhajji ba shi yake yi a Safar ba. Akwai masu sayen ragon suna da na biki da mahauta duk shekara, amma ba su ne ke biyan 240,000 a kan ragon da aka saya 150,000 ba. Ribar ta fito ne daga ranar, ba daga ragon kaɗai ba.

Saboda haka tambayar da ke raba gardama ita ce: bayan sallah, ina kuɗin za su zauna? Idan za su koma asusu ko akwati su kwanta wata tara suna jiran wata sallar, to a shekarar nan gaba ɗaya miliyan ɗaya ta haifi 200,000 ne, ribar shekara kashi 20, ba 80 ba, ba 107 ba. Watannin da kuɗi suke kwance su ma na cikin lissafi. Idan kuwa mutumin yana da wata ƙofa, labari ya canza. A ce da kaka ya shiga kasuwar Tudun Hatsi da 1,200,000 ɗin ya sayi masara ya ajiye, ya fitar bayan wata shida da ribar kashi 15 bayan kuɗin sito da maganin ƙwari da dako. To 1.20 sau 1.15 ya ba da 1.38, shekarar ta tashi da kashi 38. Wannan lamba ce da za a iya kafa hujja da ita, saboda an san inda kowane wata ya tafi. Sai dai ita ma ajiyar hatsi ba kowace shekara take biya ba, waɗanda suka ajiye masara suna jiran tsada a 2025 sun ga farashi ya yi ƙasa maimakon ya hau. Kuma da yake sallah tana zuwa da wuri da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, lokacin turke da lokacin ajiyar hatsi ba kullum suke ba wa juna hanya ba. Wata shekarar za ka buƙaci kuɗin raguna alhali suna ɗaure a buhu.

Bari mu ɗauka ba shi da wata ƙofa sai raguna, mu bi shi shekara huɗu kamar mai fili. Idan kowace sallah ta ba shi kashi 20, kuma bai taɓa ribar ba, miliyan ɗaya za ta kai 2,073,600. Ya wuce mai fili da kusan 270,000. Amma shekara huɗu a jere ba tare da tangarɗa ba abu ne da mai kiwo ba zai yi maka alkawarinsa ba. A ce a shekara ɗaya kacal cikin huɗun ya rasa rago ɗaya cikin kowane biyar, ko ciwo, ko kumburin ciki daga dusa mai yawa, ko sata. Da lissafinmu na farko, raguna huɗu a 240,000 sun ba da 960,000 a kan jarin miliyan ɗaya, asarar kashi 4. Yanzu ka haɗa shekara uku masu kyau da wannan guda: 1.2 sau 1.2 sau 1.2 sau 0.96 ya ba da kusan 1.659. Kuɗinsa sun tsaya a 1,659,000, kusan kashi 13.5 a shekara, ƙasa da 15.8 na fili. Shekara ɗaya mara kyau ta juya sakamakon gaba ɗaya, kuma ba mu sa kuɗin wahalarsa ba, tashin asuba da sharar turke da zirga-zirgar neman abinci. Abin da ya sa gajeren lokaci ke yaudara ke nan: wata uku samfuri ne ƙarami ƙwarai. Yana iya zama wata ukun da komai ya tafi daidai, sai a ninka shi sau huɗu a kira shi shekara.

Akwai kuma wani abu da ke tsawaita lokacin ba tare da an lura ba, shi ne bashi. Da yawa daga masu turke a Gombe da Bauchi ma'aikata suke sayar wa, a ɗauki rago yau a biya idan albashi ya shigo. "Yaya, ka ba ni zuwa ƙarshen wata," in ji ƙanen matarka ko abokin aikinka, kuma ba ka da fuskar da za ka hana. Ƙarshen wata ya zama biya sau uku a wata uku. Ribar tana nan kashi 20 ba ta ragu ba, amma idan sai a wata na shida kuɗin suka gama haɗuwa har za a iya sake juya su, to a takarda ma 107 ya sauko zuwa 44. Agogon lissafi yana fara bugawa ranar da kuɗi suka bar hannunka, yana tsayawa ranar da suka dawo hannunka a dunƙule, ba ranar da aka yi ciniki ba. Fili ma yana da irin wannan ciwon. Dillali zai ce maka, "Alhaji, wurin nan yanzu ya kai miliyan biyu," amma kuɗin baki ne har sai mai saye ya zo. Idan ka yi wata takwas kana neman wanda zai biya, wata 48 ya zama 56, kashi 15.8 ya sauko zuwa kusan 13.4.

Kada a fahimci cewa gajeren lokaci shi ne aibu. Mai shagon kayan masarufi da ke cin kashi 2 kacal a kan kaya amma yana juya jarinsa kowane mako, ko da yana cire ribar yana kai wa gida, a shekara ya ci kashi 104 na jarin kafin a cire haya da sauran ɗawainiya. Tasa ribar ana iya ninka ta da makonni saboda da gaske take maimaituwa, masu sayen sukari da sabulu suna zuwa kowace rana. Iyakarsa ita ce girman unguwa: idan ka ƙara masa miliyan goma ba zai samu masu saye ninki goma ba. Bambancinsa da mai raguna ba girman kashi ba ne, maimaituwa ce. Inda harka ke maimaituwa, ribar shekara tana faɗin gaskiya. Inda sau ɗaya take zuwa, jimillar riba da adadin nairori su suka fi faɗin gaskiya.

Akwai wuri guda da nake ganin ninka gajeriyar riba zuwa shekara yana da amfani ƙwarai, wato lokacin da wani ya yi maka alkawarin riba tsayayya kowane wata. A nan shi da kansa ya ce abin zai maimaitu, don haka ka riƙe shi da maganarsa. MMM ta yi wa 'yan Najeriya alkawarin kashi 30 a kwana 30 kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Kashi 30 a wata bai yi kama da abin tsoro ba ga wanda ya saba jin ribar kasuwa. Amma ninka 1.3 da kansa sau goma sha biyu, za ka samu 23.3: naira 100,000 ta zama sama da miliyan 2.3 a shekara ɗaya. CBEX da ta durƙushe a Afrilun 2025 ninki ta yi alkawari, kashi 100 a wata. Wannan kuwa ninki 4,096 ne a shekara, wato 100,000 ta zama sama da naira miliyan 409. Babu gona, babu masana'anta, babu cinikin kuɗin waje da ke haifar da wannan. Wanda yake da hanya irin wannan da gaske ba ya buƙatar dubu hamsin ɗinka. Abin da ke ba ni takaici shi ne biyan farko da na biyu sukan zo a kan lokaci, daga kuɗin sababbin shiga, sai mai hankali ma ya ce ai ya gani da idonsa, ya je ya sayar da saniya ko ya karɓo adashen matarsa ya ƙara. Kafin a ba kowane kamfani kuɗi da sunan zuba jari, a duba ko yana da rajista da SEC, hukumar kula da harkar zuba jari, a shafinta, domin rajistar CAC shaidar kafa kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba.

Ana iya yin wasan ta ɗayan ɓangaren ma, a kumbura riba mai tsawon lokaci ta hanyar faɗin jimillarta. Sukuk, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar ta hannun ofishin kula da basussuka na DMO a 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, shekara bakwai ne a kan kuɗin haya kashi 16.47 a shekara, ana biya duk wata shida. Wanda ya sa miliyan ɗaya ya riƙa karɓar 164,700 a shekara, a shekara bakwai 1,152,900, sannan aka mayar masa da uwar kuɗinsa. Da mai talla zai so, sai ya ce "ribar kashi 115", kuma bai yi ƙarya ba. Abu ɗaya ne, lamba biyu. Amfanin irin wannan takarda a lissafinmu shi ne ta zama ma'aunin ƙasa: idan gwamnati tana biyan wani kashi a shekara ba tare da ka share turke ko ka yi shari'ar iyaka ba, to duk harkar da ke da haɗari da wahala ya kamata ribarta ta shekara ta wuce wannan da tazara mai kyau. A duba abin da sabon sukuk ke biya a lokacin da ake yanke shawara, domin yana hawa yana sauka, na 2020 kashi 11.2 ne.

Ribar shekara tana da wata fa'ida da jimillar riba ba ta da ita, ita kaɗai ce za ka iya ajiyewa kusa da hauhawar farashi, saboda shi ma da shekara ake auna shi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A irin wannan shekara mai raguna da ya ci kashi 20 ya ajiye kuɗin, ka raba 1.20 da 1.348, za ka samu 0.89. Nairorinsa sun ƙaru, amma abin da za su iya saya ya ragu da kusan kashi 11. Zai gane haka ne ranar da ya koma kasuwa ya tarar 1,200,000 ɗin ba za ta sayi raguna biyar da abincinsu irin na bara ba. Mai fili da ke tafiya da 15.8 ya fi shi shan kashi a wannan shekarar, in dai filin bai bi tsadar ba.

To wanne zai ɗauka? A ganina, wanda yake da turke a gida, ya san rago, yana da mai kula, yana sayarwa kuɗi hannu, kuma yana da inda zai juya kuɗin a sauran wata tara, raguna sun fi masa, kuma lambar da zai sa a ransa ita ce 30 zuwa 38 a shekara mai kyau, ba 107 ba. Ma'aikacin da ke fita tun safe sai yamma, wanda zai ba wani amanar kiwon a raba riba biyu, nasa rabon kashi 10 ne a kan jarin da zai iya rasa kashi ɗaya cikin biyar a dare guda, kuma kuɗin za su kwanta bayan sallah, inda hidimar gida za ta riƙa gutsurarsu. Shi wannan, fili mai ingantacciyar takarda ko sukuk sun fi dacewa da shi, ko da lambarsu ba ta da daɗin faɗi a majalisa. Idan kuma kuɗin na wata buƙata ce mai rana, kamar kuɗin makaranta a watan Satumba ko auren 'ya bayan wata biyar, ribar shekara ba ta da abin da za ta gaya masa. Abin da zai lissafa shi ne naira nawa za su dawo, wace rana, kuma in abu ya ɓaci nawa ne mafi ƙarancin da zai tsira da shi. A misalin ragunanmu amsar 960,000 ce idan ɗaya ya mutu, 720,000 idan biyu ne, fili kuwa ba ya cikin zancen, tunda ba wanda zai ba shi tabbacin mai saye cikin wata biyar.